Darasi na 9: Cire Tabarau daga Fuskar Mutum a Hoto

An kawo muku hoton wani dattijo za a sa a kalanda, iyalinsa suna so a ga fuskarsa babu tabarau. Ku buɗe hoton a Photoshop. Kafin ku taɓa komai, ku danna Ctrl+J. Wannan zai fitar da kwafi a sama, asalin hoton yana ƙasa lafiya lau.

Yanzu ku danna harafin S. Kun ɗauki Clone Stamp ke nan. Aikinsa shi ne ɗebo fata daga wani wuri ya shafa a wani. Ku mayar da Hardness zuwa 0 don bakin burushin ya yi laushi, kuma girmansa ya ɗan fi kaurin firam ɗin kaɗan.

Ga inda kowa yake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ku riƙe Alt, ku danna kan fata mai kyau dab da firam, ku saki Alt, sannan ku shafa. Kaɗan za ku shafa, kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Ku tsaya. Ku sake riƙe Alt, ku ɗebo sabuwar fata, ku saki, ku shafa. Dalili kuwa, fatar kunci ta fi ta ƙasan ido haske, ta gefen hanci kuma tana da inuwa. In kuka ɗebo daga kunci kuka shafa har karan hanci, tabo zai fito kamar an liƙa filasta. In hakan ta faru ba komai, Ctrl+Z zai mayar da ku baya. Ni ma haka na fara.

Amma fa na gaji da ganin mai ɗebowa sau ɗaya ya zagaye ido duka! Kullum ina faɗa: Alt, danna, saki, shafa kaɗan, a sake. In kun ga kurji ɗaya ya fito sau uku a jere, to ba ku sake ɗebowa ba.

Inda firam ya ratsa gira, daga girar za ku ɗebo, ku bi yadda gashin ya kwanta. Kada ku manta inuwar firam a kan kunci da sandar da ta tafi kunne.

Sai ido. In hasken gilashi ya rufe na dama, ku zagaye na hagu da Lasso, ku danna Ctrl+J, ku juya shi da Flip Horizontal, ku ɗora. Ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido zai koma ɓangaren da ba nasa ba. Ku goge shi, ku mayar da shi gefe ɗaya da na ɗayan idon.

Tabarau na wanda ba ya ganin nesa yana ƙanƙanta ido, ya shigar da gefen fuska ciki. Ku koma kan kwafin hoton, ku daidaita layin gefen fuskar da Liquify, wanda aikinsa tura sassan hoto ne.

Hoton fasfo ba a yi masa wannan gyara. Mai shi ya cire tabarau a sake ɗauka.