Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Lokacin Kallo a Kan Kowace Nunawa

Masu ɗora bidiyo a YouTube a nan Kaduna, daga masu koyar da girki zuwa masu gyaran waya na Kasuwar Sheikh Gumi, sun saba duba lambobi biyu daban-daban: kason waɗanda suka danna bidiyon bayan sun ga hotonsa, wato CTR, da kuma matsakaicin lokacin da mai kallo yake yi kafin ya fita, wato average view duration. Kuskuren da ya haifi sauran shi ne raba waɗannan lambobi, domin tsarin da ke zaɓa wa mutane abin kallo haɗa su yake yi ya fitar da lamba guda, wato sakan nawa na kallo ake samu duk lokacin da aka nuna hoton bidiyon sau ɗaya, ko an danna ko ba a danna ba.

```
CTR × average view duration = watch time per impression
```

Dalilin fifita wannan ma'auni a fili yake idan aka duba lamarin ta fuskar tsarin. Allon waya ba ya ɗaukar fiye da hotuna kaɗan a lokaci guda, kuma duk gurbin da aka ba wani bidiyo an hana wa dubban wasu, kamar yadda mai tebur a bakin kasuwa ba zai baza dukkan hajarsa a gaba ba. Tsarin yana yanke hukunci ne kafin mutum ya danna, saboda haka tambayar da ke gabansa ita ce nawa wannan gurbi zai samar. Tun a 2012 YouTube ya sanar da cewa ya koma ba lokacin kallo muhimmanci fiye da yawan dannawa, sannan a 2016 injiniyoyin Google uku, Paul Covington da Jay Adams da Emre Sargin, suka bayyana cewa ana jera bidiyo ne bisa hasashen lokacin kallo a kan kowace nunawa, domin jerawa bisa dannawa kaɗai tana ɗaukaka bidiyoyin yaudara da mutane ba sa ƙarasa kallonsu. A bayaninsu, yayin horar da tsarin ana ba nunawar da aka danna nauyi daidai da lokacin da aka kalla, wadda ba a danna ba kuma ana ba ta nauyi ɗaya tak.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farautar dannawa. A ɗauki misalin mai gyaran waya da ya ɗora bidiyo biyu a kan batirin da ke saurin ƙarewa, kowanne aka nuna hotonsa sau 10,000. Na farko ya sa masa take “Sirrin da kamfanonin waya suke ɓoye muku”, da hotonsa ya dafe kai, sai kashi 10 cikin ɗari suka danna, wato mutum 1,000. Da suka shiga suka tarar da doguwar gaisuwa da roƙon a bi tashar, babu wani sirri, sai suka watse bayan sakan 40 a matsakaici. Jimillar kallon sakan 40,000 ke nan, wato sakan 4 a kan kowace nunawa. Na biyu takensa “Abubuwa uku da ke shanye cajin waya da dare”, kashi 4 cikin ɗari ne kawai suka danna, mutum 400, amma da yake ya shiga bayani daga buɗe baki, kowa ya yi kimanin minti uku. Jimilla sakan 72,000, wato sakan 7.2 a kan kowace nunawa. Mai bidiyon zai ɗauka na farko ne ya yi kasuwa tunda ya ninka na biyu masu kallo sau biyu da rabi, alhali a lissafin tsarin na biyun ya kusa ninka shi. Alamar wannan ciwo tana cikin zanen da ke nuna yadda masu kallo ke raguwa: idan layin ya faɗi ƙasa warwas cikin sakan 30 na farko, to take da hoto sun yi alkawarin da bidiyon bai cika ba. Gyaran shi ne a fara da abin da taken ya ambata, a ɗage gaisuwar 'yan uwa da abokan arziki zuwa ƙarshe, duk da na san hakan yana yi wa Bahaushe nauyi.

Akwai masu yin akasin haka, waɗanda da jin cewa lokacin kallo ake so sai su ja bidiyon minti biyar ya koma goma sha biyar da maimaici. Mintunan da aka kalla ake ƙirgawa, tsawon bidiyon kansa ba ya shiga lissafi. Haka nan wanda ya yi bidiyo mai kyau ya bar hotonsa dishi-dishi, domin duk nunawar da ba a danna ba sifili take ƙarawa a jimilla.

Kuskuren da ya fi ɓuya, kuma ya fi shafar mu a nan, na lissafi ne. Da yawa daga masu kallonmu ta WhatsApp da Facebook suke zuwa, wani ya tura mahaɗin bidiyon zauren 'yan unguwa ko na tsofaffin ɗalibai, mutane su danna. YouTube ba ya ƙirga irin wannan a cikin nunawa. Yana ƙirgawa ne idan hoton ya bayyana a cikin dandalinsa fiye da sakan ɗaya kuma aƙalla rabinsa ya fito a allo, kuma ko sanarwar da ke shigowa waya ba ta cikin lissafin. Wanda ya ɗauki jimillar lokacin kallon bidiyonsa gaba ɗaya ya raba da yawan nunawa ya haɗa abin da bai haɗu ba, zai sami lamba mai kumburi da za ta sa ya yi ta mamakin me ya hana a yaɗa bidiyonsa. Hanyar da ta dace ita ce a buɗe YouTube Studio, a shiga `Analytics` na bidiyon, a zaɓi `Reach`, a ɗauki `Watch time from impressions` tare da `Impressions`. Idan lokacin a awa aka ba da shi, a ninka da 3,600 kafin a raba: awa 20 a kan nunawa 10,000 shi ne sakan 7.2 ɗin da muka samu a sama.

Sai kuma gaggawar canza hoto da take da zarar kason dannawa ya fara sauka. A kwanakin farko masu bin tashar ne suka fi ganin bidiyon, su kuwa sun san mai shi, dannawa ba ta yi musu wuya. Idan tsarin ya fara nuna shi ga baƙi a Kano da Zariya da Yamai, sau da yawa kason yakan ragu, kuma raguwar tare da hauhawar nunawa alama ce ta yaɗuwa. YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi kason dannawarsu tsakanin kashi 2 ne zuwa 10 cikin ɗari. Wanda ke son gwada hotuna ya yi amfani da `Test & compare`, inda ake sa har hotuna uku, kuma da lokacin kallo ake fitar da gwani a cikinsu.

Ma'aunin yana da iyaka da ya kamata a sani. A bisa gininsa yana karkata ga dogon bidiyo, saboda haka kwatanta darasin minti huɗu da wa'azin awa guda ba ya koya wa kowa komai. A kwatanta bidiyo da takwaransa a tsawo da kuma hanyar da masu kallo suka biyo. Sannan ba shi kaɗai tsarin yake dubawa ba, domin YouTube yana tambayar wasu masu kallo su ba bidiyo tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma a bayanin da ya fitar a 2021 ya ce wanda aka ba huɗu ko biyar ne kawai yake ƙirgawa a matsayin kallo mai daraja. Wannan sakamako ba ya fitowa a allon mai tasha, don haka bidiyon da ya riƙe mutane da jan rai har ƙarshe ya bar su da takaici yana iya nuna sakan masu yawa a kan kowace nunawa, amma yaɗuwarsa ta tsaya cik.