Jawabin neman ɓoye sunan ɗalibi wajen makin insha'i: inda masu magana ke tuntuɓe

A taron malamai na farkon zango, wanda ya miƙe don neman a riƙa makin insha'i ba tare da ganin sunan ɗalibi ba, da wuya ya samu fiye da minti uku. Shugaban makaranta na duba agogo, ga maganar jadawali, ga ta rajista. Shawarar tana da kyau, amma sau da yawa a jimlar farko take mutuwa.

Abin da ke kashe ta shi ne buɗe jawabi da zargi. Mutum ya tashi ya ce, "Wasu daga cikinmu na nuna son kai wajen ba da maki." Daga nan ba wanda ke sauraro, kowa na lissafin wa ake nufi. A gari irin Gombe kuwa abin ya fi nauyi, domin aji guda kan haɗa yaro daga Dukku da na Billiri da na Kaltungo da na Bajoga, kuma suna kaɗai na iya bayyana yare da addini. Idan ka ce son kai, abin da malamai za su ji shi ne ƙabilanci, ko da ba shi ka nufa ba. Gyaran shi ne ka ɗora maganar a kan yadda zuciyar ɗan Adam take aiki. Tun a 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya nuna cewa idan muka yaba wa mutum a abu ɗaya, yabon kan malala zuwa sauran abubuwansa. Yarinyar da ke zama a gaba tana ɗaga hannu kullum, idan ta rubuta jimla mai duhu sai malami ya ce ya gane nufinta. Yaron da ke makara ya rubuta irinta, sai a ja mata jan biro. Malamin bai yi niyyar zalunci ba, kuma wannan gaskiyar ce ya kamata jawabin ya fara da ita, da kalmar "mu" a bakinka.

Akwai kuma masu zuwa da hujja su lodo ta fiye da kima, ko su ƙara mata gishiri. Bincike ɗaya ya isa, a faɗe shi yadda yake. Rema Hanna da Leigh Linden sun wallafa wani a 2012 da suka yi a Indiya: sun ba malamai takardun jarrabawa, suka maƙala wa kowace bayanan ɗalibi da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a. Takardun da aka jingina wa yaran da al'umma ke ɗauka ƙasƙantattu sun samu maki ƙasa kaɗan. Ka riƙe kalmar "kaɗan" ɗin nan, kada ka kumbura ta, domin malamin lissafi zai tambaye ka nawa ne. Amsarka ita ce maki ɗaya ke raba 49 da 50. Kada kuma ka yi alkawarin wanda zai amfana. Binciken Victor Lavy na 2008 a Isra'ila ya gano cewa a makin da malamai suka san mai takarda, yara maza ne suka fi cutuwa, saɓanin abin da mutane da yawa suka zata.

Babban kuskure a wurina shi ne jawabin da ba ya faɗin yadda za a yi. Malami mai ɗalibai 60 a aji ba ya tsoron adalci, ƙarin aiki yake tsoro. Idan ka zauna ba ka nuna masa hanya ba, zai gyaɗa kai, magana ta shiga kundin taro ta kwanta. Ga yadda za a iya tsara ta ga aji biyu na babbar sakandare mai rukuni A da B. Malamin da ke kula da jarrabawa ya ba kowane ɗalibi lamba mai alƙaluma uku, a hargitse. Kada a yi amfani da lambar rajista, domin malamin aji ya haddace ta, ya san wace ce ta 7. Takardar da ta haɗa suna da lamba ta zauna a ofishinsa har a gama maki. A gauraya takardun kafin a miƙa, saboda jerin zama ma yana tona asiri. Sannan malamin A ya yi makin B, na B ya yi na A, tunda kowane malami na gane rubutun hannun yaransa. Wannan musayar ita ce amsar wanda zai ce, "Ai ko an ɓoye suna na san rubutunsu," kuma lallai wani zai faɗa, don haka gara ka riga shi.

Ƙananan ɓaraka biyu sukan ɓata gwajin. Idan tambayar rubutun wasiƙa ce, yaro zai sa adireshinsa a sama da sunansa a ƙasa, don haka a ba kowa adireshi ɗaya da suna ɗaya na aro. Wasu yaran kuma sukan buɗe takarda da addu'a ko alamar addini. A gaya musu cikin mutunci su yi addu'arsu a zuci, saman takarda lamba kawai.

Yana da kyau jawabin ya nuna inda makin ke zamewa. A tsarin WAEC na insha'in Turanci maki 50 ne: ƙunshiya 10, tsari 10, iya bayani 20, ƙa'idojin rubutu 10. Kuskuren rubutu ana ƙirga shi, ba gardama. Amma 20 ɗin iya bayani hukuncin malami ne, a nan sanayya ke samun ƙofa. Ka nemi a yi kwafin takardu 10 kafin a sa musu biro, malaman biyu su yi makinsu kowa daban. Idan tazarar ta wuce maki 5 a takarda ɗaya, matsalar ba ta suna ba ce kaɗai, ma'aunin ne bai daidaita ba, sai an zauna a kansa.

Kada ka sayar da shawarar a matsayin maganin komai. Ba ta aiki a jarrabawar baka, ba ta dace da aikin gida da malami ke bin ci gaban yaro a kai ba, kuma gyara ya fi shiga idan malami ya san da wa yake magana. Saboda haka a buɗe sunaye bayan an rubuta maki, sannan a kira yaro a nuna masa kurakuransa.

Ƙarshen jawabi kan lalace da "ya kamata mu duba." Ka roƙi abu ɗaya da za a iya amsawa da e ko a'a. Misali:

"Ranka ya daɗe shugaba, iyayena malamai, 'yan'uwana abokan aiki, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Dukkanmu mun san yaranmu, kuma sanin nan kan riga biro isa kan takarda ba da saninmu ba. Ina roƙon mu gwada abu ɗaya a wannan zango: insha'in jarrabawar aji biyu kaɗai, lamba a madadin suna, malaman A da B su yi musayar takardu. Aikin raba lambobi ni zan ɗauka tare da malamin jarrabawa. A taron ƙarshen zango mu kawo sakamakon mu kwatanta shi da makin gwajin cikin aji. Idan bai yi amfani ba, mu bar shi. Ranka ya daɗe, ina neman amincewarka a yau."

Kafin ranar taron, ka samu malaman da abin zai shafa da malamin jarrabawa, ɗaya bayan ɗaya, ka ji ta bakinsu. Babban malami da ya fara jin shawara a kan aikinsa a bainar jama'a yakan ɗauke ta raini, musamman daga bakin ƙarami. Idan ɗayansu ya yarda ya miƙe bayanka ya ce ya amince a fara da ajinsa, ka sanar da shugaban makaranta tun da wuri domin ya ba shi dama a jerin masu magana.