Zaɓen Makirufo da Daidaita Ƙarfin Shigar Murya

Mai ɗaukar murya a waya ko a kwamfuta yakan yi kuka da abu biyu. Ko dai muryar ta fito can nesa kamar daga cikin wani ɗaki, ko kuma ta fito tana tsagewa da ƙaraji duk lokacin da mai magana ya ɗaga harshe. Matsala ta farko daga zaɓen makirufo da inda aka ajiye shi take tasowa. Ta biyu kuwa daga ƙarfin shigar murya ne, wato abin da ake rubuta GAIN a jikin na'ura. A wannan darasi za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma mun fi daɗewa a kan ta biyun, domin ita ce ba ta gyaruwa bayan an gama ɗauka.

Makirufon wuyan riga

Wannan shi ne ɗan ƙaramin nan da masu labarai a talabijin suke maƙalawa a riga, ana ce masa labaliya. Kansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ana maƙala shi a tsakiyar ƙirji, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, wato santimita 15 zuwa 20. Amfaninsa shi ne duk inda mai magana ya nufa yana tare da shi, saboda haka nisan baki da makirufo ba ya canzawa. Malamin da yake tashi ya yi rubutu a allo, ko mai nuna yadda ake ɗinki da hannuwansa biyu, wannan ne ya dace da su.

Yawancin labaliya suna jin sauti ta kowane gefe. Abin da ke sa muryar mai magana ta rinjayi hayaniya kusanci ne kawai. Idan kuka maƙala shi can wajen ciki, fanka da janaretan maƙwabta za su shigo tare da muryar. Haka kuma yana jin gogar tufa ƙwarai. Mayafi, hijabi, sarƙa ko carbi idan suna shafar kansa, za a ji ƙaras-ƙaras a cikin ɗaukar. A maƙala shi a saman tufa, kada komai ya rufe shi, a zura igiyarsa ta cikin riga don kada hannu ya riƙa fizgarta. In a waje ne, a sa masa ɗan soson nan da ke zuwa tare da shi saboda iska.

Ku duba bakin igiyar kafin ku biya kuɗi. Baki mai kaurin milimita 3.5 iri biyu ne. Mai zobe baƙi biyu na kyamara ne da na'urar ɗaukar murya. Mai zobe uku shi ne na waya. Idan aka cusa mai zobe biyu a waya, sau da yawa wayar ba ta gane shi, sai ta ci gaba da ɗauka da nata makirufon, mai shi bai sani ba. Gane wannan ba wuya: ku fara ɗauka, ku ƙwanƙwasa kan labaliyar da farce a hankali, sannan ku saurara. In ba a ji ƙwanƙwasar da ƙarfi ba, to ba shi ne yake aiki ba. Wasu, irin su Boya BY-M1, suna da ɗan maɓalli da ake turawa zuwa gefen waya ko gefen kyamara, kuma gefen kyamarar yana bukatar ƙaramin batir mai lamba LR44.

Makirufon USB

Shi wannan a kan tebur ake girke shi, a jona igiyarsa kai tsaye da kwamfuta. Na'urar da ke ƙara wa murya ƙarfi da wadda ke mayar da ita lambobi duk suna cikin jikinsa, shi ya sa ba ya bukatar wani akwati a tsakani. Galibinsu sun fi jin abin da ke gabansu, suna rage na bayansu. Muryar da suke bayarwa ta fi ta labaliya mai araha cika da kauri, amma da sharaɗin mai magana ya zauna wuri ɗaya. Da ya jingina da kujera ko ya juya kai, murya ta yi ƙasa.

A san ta inda ake yi masa magana. Samson Q2U ta samansa ake magana, kamar makirufon masallaci. Blue Yeti kuwa ta gefensa ne, ta fuskar da ke ɗauke da tambarin kamfani. Mutane da yawa suna karkato kan Yeti zuwa bakinsu, murya ta fito a dushe, su ɗauka kayan ne ba su da kyau. Nisan da ya dace shi ne santimita 10 zuwa 15, a ɗan kauce wa saitin baki kaɗan don kada iskar haruffa irin su "b" da "f" ta riƙa bugunsa.

A ganinmu zaɓin bai da wahala. Wanda zai yi motsi, ko zai ɗauki bidiyo da waya, ya sayi labaliya. Wanda zai zauna a gaban kwamfuta ya karanta darasi ko ya shirya shirin murya, ya sayi na USB, kuma ya nemi mai maɓallin GAIN da ramin sa abin sauraro na kunne a jikinsa. Hira da mutum biyu kuwa, labaliya ɗaya ba ta isa, kowa da tasa.

Abin da ke tsaga murya

Na'urar ɗaukar sauti tana da iyakar da ba ta iya wucewa. A kan ma'aunin da ke motsi a allo, wannan iyaka ita ce lamba 0, a can ƙarshe. Duk sauran lambobin suna ƙasa da ita, shi ya sa ake rubuta su da alamar ragewa: -6, -12, -18, har zuwa ƙasa. Ana auna su da desibal, a allo za ku ga an rubuta dB. Lura da cewa -6 ya fi -18 ƙarfi, domin ya fi kusa da 0.

Kamar mudu ne: in ya cika, duk hatsin da aka ƙara zubewa yake yi. Idan murya ta kai 0 tana neman wucewa, na'urar sai ta datse ƙololuwarta. Wannan datsewar ce kunne yake ji a matsayin tsagewa da ƙaraji. Abin da aka datse ba a rubuta shi ko'ina ba, saboda haka rage ƙara daga baya ba ya dawo da shi. Za a dai samu tsagaggiyar murya mai ƙaramin sauti.

A nan ne ake rikita abu biyu. GAIN yana hukunci ne a kan ƙarfin abin da ke shiga cikin ɗaukar. Maɓallin ƙara na abin sauraro kuwa kunnenku kaɗai ya shafa. Mutum yakan ji muryarsa ta yi ƙasa a kunne, sai ya murɗa GAIN har ƙarshe, alhali ƙarar abin sauraro ya kamata ya ƙara. Ku amince da ma'auni a kan ƙarfi, kunne kuma ku bar masa aikin gano hayaniya da tsagewa.

Yadda ake daidaitawa

Mu ɗauki malama da za ta ɗauki darasin minti ashirin da makirufon USB, a manhajar Audacity, wadda kyauta ake sauke ta. Da farko za ta zaɓi sunan makirufonta a cikin Audio Setup, don kada kwamfuta ta yi amfani da nata na ciki. Sai ta gyara zama yadda za ta zauna har ƙarshen darasi, domin nisa ake fara tsayarwa kafin a taɓa GAIN. Dalili shi ne duk lokacin da nisan baki da makirufo ya ragu da rabi, ƙarfin murya yana ƙaruwa da kusan desibal 6. Wadda ta daidaita tana nisan santimita 20, sannan ta matso zuwa 10, ta rusa lissafinta.

Daga nan ta sa GAIN wajen kashi ɗaya cikin uku, ta danna ɗauka, ta karanta ainihin darasin na daƙiƙa talatin. Faɗin "ɗaya, biyu, uku" ba gwaji ba ne, kowa yana faɗinsa ne da sanyin murya, sannan in magana ta yi daɗi ya ɗaga harshe. Don haka a cikin gwajin ta haɗa da wurin da ta fi ɗaga murya, har da dariya in za ta yi.

A ce ma'auni ya nuna maganarta ta yau da kullum tana taɓa -6, da ta ɗaga murya kuma ya buga 0 ya yi ja. Ƙarfin ya yi yawa ke nan. Sai ta rage GAIN kaɗan-kaɗan tana maimaita jimlar nan, har magana ta yau da kullum ta riƙa yawo tsakanin -18 da -12, ɗaga murya kuma ya tsaya wajen -6. Tazarar da ta rage tsakanin -6 da 0 ita ce ajiyarta saboda tari ko dariyar bazata. Ta sake ɗaukar daƙiƙa talatin, ta saurara da abin kunne, sannan ta fara darasin.

Akwai tarko ɗaya. Ana iya rage ƙarfi a wuri biyu, a maɓallin jikin makirufo da kuma a cikin kwamfuta. In muryar ta riga ta tsage a cikin makirufon saboda maɓallinsa yana sama, rage ta a kwamfuta ba ya hana komai. Alamar wannan ita ce ma'auni bai kai 0 ba, ya tsaya misali a -10, amma zanen muryar a allo samansa a shafe yake kamar an yanke da wuƙa, kunne kuma yana jin ƙaraji. Maganinsa a rage daga maɓallin makirufon. Haka abin yake ga labaliya marar igiya da aka jona da kyamara: akwai wurin daidaita ƙarfi a ɗan akwatin da ke karɓar muryar daga labaliyar, akwai a kyamarar, dole a duba dukansu.

Kada tsoron tsagewa ya sa a yi ƙasa da yawa. In magana tana tsayawa a -35, dole a ɗaga ta daga baya, kuma duk wata "ssss" ta na'ura za ta taso tare da ita. Amma in za a yi kuskure, gara a yi ƙasa kaɗan, wannan yana gyaruwa.

Masu ɗauka da waya su sani cewa manhajar kyamarar da ke zuwa da waya galibi ita take ɗaga ƙarfi da sauke shi da kanta. Za ku ji hayaniyar ɗaki tana tasowa duk lokacin da mai magana ya yi shiru. In manhajar ba ta da wurin daidaita ƙarfi, nisa ne kaɗai a hannunku: murya in tana tsagewa, a sauke labaliyar ƙasa da faɗin yatsu uku ko huɗu, a sake gwadawa.

Aikin aji

Kowa ya ɗauki jimla ɗaya sau uku, ba tare da ya canza zama ba. A karon farko ƙololuwar murya ta tsaya wajen -30, na biyu wajen -10, na uku kuma a ƙara GAIN da gangan har ma'auni ya yi ja. A Audacity, ku shiga View ku kunna Show Clipping in Waveform, za ku ga jajayen layuka a duk inda murya ta kai iyaka. Sannan ku rage ƙarar ta ukun har ta yi daidai da ta biyu a kunne, ku saurare su a jere, kowa ya faɗa wa aji a kan waɗanne kalmomi ya ji tsagewar.