Uwa mai goyo, waya da karatun asuba: inda gajeren labarin ke lalacewa

Labarin matashiyar uwa da ke saita ƙararrawar waya kafin ta kwanta, don ta tashi da asuba ta yi karatu, yana da sauƙin faɗa amma yana da wuyar rubutawa. Marubuta mata da yawa sukan ɗauko irinsa, musamman masu shirin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa wadda aka fara a 2016, kuma akasari a wuri guda suke tuntuɓe: sai su mai da tunatarwar nan ƙofar shiga labari kawai, waya ta yi ƙara, baiwar Allah ta tashi, daga nan ba a sake jin ɗuriyar wayar ba. Alhali kuwa rikicin duka yana tsakanin matar da ta saita ƙararrawa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, cike da niyya, da matar da ƙarar ta tasa da ƙarfe huɗu da rabi, jikinta duk ciwo. Mutum ɗaya ce, amma ba abu ɗaya suke so ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce sunanta Rabi, shekarunta 21, tana zaune a gidan haya a Kano, da jaririya 'yar wata bakwai. Ta gama sakandare amma lissafi ya kayar da ita, don haka ta yi rajistar jarrabawar NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi ƙarshen shekara. Sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, za ta iya neman makarantar ungozoma.

Kuskuren farko yana layin farko. Kusan kowa haka yake buɗewa: “Ƙarar wayarta ce ta tashe ta daga nannauyan barcin da ya ɗauke ta.” Mai karatu ya ci karo da wannan jimla har ya gaji, kuma ba ta gaya masa komai game da Rabi ba, tunda kowa waya na tashinsa. Gyaran shi ne a koma baya da awa biyar ko shida, a fara da lokacin da take saitawa, domin a nan ne take yanke shawara. Wayoyi da yawa suna ba da damar rubuta 'yan kalmomi a jikin ƙararrawa, kuma abin da ta rubuta shi ne muryarta. Idan ta rubuta “Karatu”, ba mu ƙaru da komai ba. Idan ta rubuta “Tashi ki cika burinki”, marubuciyar ce ke magana, domin ba wanda ke yi wa kansa irin wannan jawabi da tsakar dare. Amma a gwada wannan:

Ta goge abin da ta rubuta jiya. Da yatsa ɗaya, don ɗaya hannun na ƙarƙashin kan yarinyar, ta rubuta: “Shafi na 42. Kuɗin rajista bashi ne.” Ta duba caji, saura kashi 18, sai ta rage hasken fuskar wayar ta tura ta ƙarƙashin filo.

A 'yan layukan nan mun san inda ta tsaya, mun san akwai bashi a kanta, mun san wutar lantarki ba ta da tabbas a unguwar, mun kuma fara fargabar ko cajin zai kai asuba. Idan rubutun yana sauyawa daga dare zuwa dare, to an samu hanyar nuna tafiyar lokaci ba tare da “bayan wasu makonni” ba. Daren da ta yi faɗa da mijinta abin da za ta rubuta daban ne, haka daren da ba ta rubuta komai ba.

Abu na biyu da ke tona asirin marubuci shi ne lissafin lokaci. Ana yawan rubuta cewa ta tashi da asuba ta yi karatun awa uku kafin gari ya waye. Ina aka samo awa ukun? A Kano, cikin watan Nuwamba, alfijir na ketowa ne wajen biyar da kwata, rana kuma ta fito kafin shida da rabi ko daf da haka. Idan ƙararrawar ta buga huɗu da rabi, abin da Rabi ke da shi kafin salla bai wuce minti arba'in da biyar ba, a ciki kuma har da alwala da ruwa mai sanyi, domin hunturu ya fara shigowa. Bayan salla maigida zai dawo daga masallaci, ga ɗora ruwan zafi, ga koko ko shayi, ga shara. Wannan ƙarancin lokaci bai kamata a ɓoye shi ba, shi ne ma ƙarfin labarin. Mai karatu da ya san cewa minti arba'in da biyar kawai gare ta zai ji zafin kowane minti goma da kukan yarinya ya cinye. Kuma masallacin unguwa ya riga ya ba marubuci agogo kyauta: kiran farko, kiran salla, tayar da iƙama, sallamewa. A yi amfani da su maimakon a riƙa cewa ta kalli agogo.

A nan ma akwai tambayar da mai karatu mai kaifin hankali zai yi: macen da ta saba tashi sallar asuba tun tana yarinya, me za ta yi da ƙararrawa? Dole labarin ya amsa, ko da a jimla ɗaya. Amsar ita ce tana so ta riga gidan tashi, kuma ba tashin ne ke gagararta ba, buɗe littafin ne. Shi ya sa lambar shafin da ta rubuta ta fi ƙarar muhimmanci.

Sai jaririya. A yawancin irin waɗannan labarai, yarinyar kamar 'yar tsana take, ana ajiye ta a gado in ba a buƙatarta, a ɗauko ta in ana son tausayi. A fara tsai da shekarunta, domin komai ya rataya a kai. Idan ba a yi arba'in ba, Rabi na cikin jego, ga wankan safe da yamma, ga kunun kanwa, ga wata dattijuwa da ke kwana tare da ita, mai yiwuwa ma tana gidan iyayenta in haihuwar fari ce. Karatun asuba a wannan hali wani labari ne daban. Idan an yaye ta, matsalar dare ta ragu sosai. Wata bakwai ya fi dacewa da abin da muke so: har yanzu tana farkawa shan nono cikin dare, haƙori na iya fara fitowa da rigimarsa, ta kuma iya zama ta kai hannu ta damƙi takarda ta kai baki. Kuma ƙarar da za ta tashi uwa za ta tashi 'ya, ta tashi miji, a ɗaki ɗaya. Don haka Rabi ta kashe sautin ta bar jijjiga kawai, abin da ke nufin wata rana ba za ta ji ba. Marubucin da ya bar waya na ta kururuwa a ɗaki ɗaya jaririya na ta sharar barci, duk wata uwa da ta karanta ta san bai taɓa kwana da goyo ba. Wani ƙaramin abu kuma: in 'yar fari ce, a gidaje da yawa uwa ba ta kiran sunanta kai tsaye saboda kunya. “Yarinyar nan” ko wani laƙabi ya fi zama daidai a bakin Rabi, musamman a gaban surukarta.

“Ta duƙufa tana karatu” jimla ce da ba a ganin komai a cikinta. Me take karantawa, kuma a ina ta maƙale? Ba sai an cika shafi da darasi ba, tambaya ɗaya ta isa. Ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 4,000 ya sayar 4,600, nawa ne ribarsa cikin ɗari? Rabi ta raba 600 da 4,600 ta samu wajen 13, ta duba bayan littafi ta ga 15. Ta sake, ta sake samun 13. Sai can, tana jijjiga yarinyar a kafaɗa, ta tuna cewa in tana lissafin zoɓon da take sayarwa, da kuɗin da ta zuba take auna riba, ba da cinikin da ta yi ba. Ta raba da 4,000. Wannan 'yar nasarar ta fi shafi guda na bayanin cewa tana da hazaƙa, kuma an gina ta daga rayuwar da Rabi ke ciki.

Kan mugun miji da muguwar uwar miji ba sai an daɗe ba. Sun yi yawa, kuma suna sauƙaƙa wa marubuci aiki fiye da kima. Mijin da ya ƙwace waya ya fasa ta ya mai da labarin na zalunci, tunatarwar ta ɓace. Wanda ya fi wuyar rubutawa, ya kuma fi kama da gaskiya, shi ne wanda ya ranto kuɗin rajistar da kansa, amma ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya juya cikin barci ya ce, “Maman Ummi, don Allah wayar nan.” Ba ya adawa da karatunta, barci yake so, kuma yana da gaskiyarsa. Ita kuma ta ce, “Yi haƙuri, Abban Ummi, yanzu zan fita tsakar gida.” Tsakar gida cikin sanyin Nuwamba, da fitilar waya mai saura kashi tara.

Dole kuma a sami asubar da ta faɗi. Labarin da ƙararrawa ke bugawa kullum kuma kullum a tashi ba shi da inda zai lanƙwasa. A ba ta dare ɗaya da zazzaɓin haƙori ya hana su barci har ƙarfe uku, ta ji jijjigar, ta karanta abin da ta rubuta wa kanta, ta kashe ta koma. Abin da za ta rubuta a daren da ya biyo baya shi ne ƙololuwar labarin, kuma a nan ya kamata marubuci ya kashe mafi yawan tunaninsa.

Daga nan ne ake yin kuskure na ƙarshe, wato tsalle: “Bayan shekara goma, Dakta Rabi ta fito daga motarta.” Gajeren labari mai kalmomi dubu ɗaya zuwa dubu da ɗari biyar ba zai ɗauki shekara goma ba, kuma bai yi alƙawarin digiri ba tun farko. Tambayar da ya buɗe da ita ƙarama ce: za ta tashi ta buɗe littafin ko ba za ta tashi ba? Ita za a amsa. Ana iya tsayawa a safiyar jarrabawa tana miƙa wa maƙwabciya goyon, ko ma kafin nan, ba sai an nuna sakamako ba. Sakin layin nan na ƙarshe da ke farawa da “Lallai 'yan uwana mata” kuwa, a goge shi gaba ɗaya, sannan a karanta abin da ya rage da ƙarfi a ji ko akwai abin da ya ɓata. In an ji giɓi, a koma wajen daren da ta kashe wayar a ƙara masa nauyi, domin yawanci can ne aka yi sauri.