Abincin dare ga mai rage ƙiba a hankali: inda muke kuskure a Jidda

Lokacin da likita ta ce wa maigidana ya rage nauyi saboda gwiwarsa, abu na farko da ya yi shi ne ya ce in daina ajiye masa abincin dare. Direba ne, sai bayan isha'i yake shigowa. Kwana huɗu ya daure. Daren na biyar na farka wajen ƙarfe ɗaya, na tarar da shi tsaye gaban firji da rabin burodin tamis a hannu, yana dangwalar cuku. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba.

Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Mutum ya tsallake abincin dare, ko ya sha shayi da biskit ya ce ya ci, sai yunwa ta tashe shi tsakar dare ya ci abin da ya fi wanda ya guje wa. Mai rage ƙiba a hankali, wato kamar rabin kilo a mako ko ƙasa da haka, abin da yake bukata ya rage a yini bai wuce kalori 300 zuwa 500 ba. Wannan ba ya bukatar a kwana da yunwa. Abin da ake nema da dare shi ne faranti mai kalori 500 zuwa 600, da furotin giram 30 zuwa 40 a ciki. Furotin yana riƙe ciki fiye da shinkafa ko burodi, kuma shi ke taimakawa kada tsokar jiki ta zube tare da kitsen.

Kuskure na biyu ya fi wuyar ganewa, domin a tukunya yake ɓuya, wato mai. Cokalin cin abinci ɗaya na mai yana da kalori kusan 120, ko na gyaɗa ne, ko na masara, ko man zaitun ɗin da ake ta yabo. Man zaitun yana da amfaninsa, amma wajen kalori duk kanwar ja ce. Ni da kaina daga galan nake tsiyayawa har sai albasa ta yi iyo, haka na taso na ga Inna tana yi. Ranar da na fara aunawa da cokali na ƙirga takwas a tukunyar kabsa ta mutum huɗu, na ajiye cokalin na yi shiru.

Bari mu lissafa farantin da yake ci a da. Shinkafa dafaffiya giram 400, wadda ba ta da yawa a idon mai jin yunwa, kalori 520 ke nan, tunda kowane giram 100 yana da kusan 130. Rabonsa na mai cokali biyu, 240. Cinyar kaza da fatarta, wajen 250. Gwangwanin lemo mai gas, 140. Jimla ta kai 1,150. Furotin ɗin ba laifi, ya kai giram 35, amma an saye shi da tsada.

Yanzu kabsar ce dai, da kayan ƙamshinta, da busasshen lemun tsami da kirfa, sai dai lissafin ya juya. Ina auna ƙirjin kaza giram 170 ɗanye, ba fata, wanda zai ba da furotin kusan giram 38 da kalori kamar 200. Shinkafa giram 130 bayan ta dahu, 170. Mai ƙaramin cokalin shayi biyu ne rabonsa, 80. Salak na kokwamba da tumatir da jarjir, da lemun tsami da gishiri kaɗan, bai wuce 40 ba. Sai zabadi, wato kindirmo, mai ƙarancin kitse giram 100 a gefe, wajen 60. Duka 550 ke nan, furotin kuma ya haura giram 40. Farantin a cike yake, don ganye ya cinye rabinsa.

A nan akwai wani tarko ƙarami. Nama yana rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa a wuta, shinkafa kuwa kumbura take yi har ta ninka biyu zuwa uku. Idan aka auna kaza ɗanya aka yi mata lissafin dafaffiya, sai a ɗauka an ci furotin fiye da wanda aka ci. Ƙirjin kaza ɗanye giram 100 yana da kusan giram 22, gasasshe kuwa 31. A zaɓi hanya ɗaya a tsaya a kanta. Sikelin kicin ba shi da tsada, kuma bayan mako biyu ido zai saba.

Ƙirjin kaza yana da halin bushewa, shi ya sa mutane ke gudunsa. In an jiƙa shi cikin zabadi da tafarnuwa da citta na awa ɗaya, aka gasa ba a bari ya daɗe ba, sai ya yi laushi. Wanda bai son shi ya cire fatar cinya ya ci, bambancin ba mai yawa ba ne. Kifi ma yana nan, muna bakin Bahar Maliya, a gasa shi kawai kada a soya. Ranar gajiya kuma gwangwanin tuna na cikin ruwa ya wadatar.

Sai masu cewa ful da adas, wato dangin wake, ai furotin ne zalla. Yayata da ke Makka tana cikinsu. Na ce mata, Yaya, kwanon ful giram 200 furotin ɗinsa bai wuce giram 15 ba, kuma kin san yadda mai shago yake malala masa mai, ga ɗahina, ga tamis guda ke kaɗai. Wake abinci ne mai kyau, yana da ɓawo mai riƙe ciki, amma shi kaɗai ba zai kai ki giram 30 ba sai kin ci tuli. Gyaran mai sauƙi ne: a ce wa mai shago kada ya zuba mai, a dafa ƙwai biyu a ɗora, sun ƙara giram 12 da kalori 150, a kawo zabadi, a yagi rubu'in tamis a tura sauran gaba. Gyaɗa ma haka take. Tana da furotin giram 25 a giram 100, amma kalorinta ya haura 550, don haka miyar gyaɗa ba ta cikin abincin da ake ci a sake.

Cin abinci a tire ɗaya al'adarmu ce da ta Larabawa, ba zan ce a bari ba. Matsalar ita ce babu wanda ya san iyakar abin da ya ci, hannu yana ta kai da kawo har a ga ƙasan tire. Abin da muke yi, ina zuba nasa a farantinsa, ya zauna tare da yara a shimfiɗa ɗaya. In an gayyace shi walima, ya fara da nama da salak, shinkafa ta zo ƙarshe.

Shayin bayan abinci ma a sa masa ido. Kowane ƙaramin cokalin sukari kalori 16 ne, mai shan kofi uku da cokali uku-uku ya sha kalori 144, kusan daidai da na shinkafar da ke farantinsa yanzu.

Yaya za a gane tsarin yana aiki? A hau sikeli sau ɗaya ko biyu a mako, da safe, kafin a ci komai, a duba abin da mako uku ko huɗu suka nuna. Washegarin cin abinci mai gishiri nauyi yakan hau da kilo guda, ruwa ne, zai sauka. In yunwa tana tayar da mutum da dare, a ƙara kaza ko ganye. In wata ya wuce sikeli bai motsa ba, a koma kan mai da abin sha tukuna. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa, mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kuma ya sanar da likita kafin ya rage shinkafar dare, don sukarinsa yana iya faɗuwa yana barci.