Yadda Ake Tantance Rubutun Hannu a Hoto Kafin a Fassara Shi Zuwa Larabci

Masu kawo mini hotunan takardu a nan Jos suna yawan tambaya ta yadda nake bi. Ga matakan:

1. Ɗauki hoton a inuwa mai haske, wayar tana kallon takardar kai tsaye.
2. Faɗaɗa hoton, ka karanta duka sau ɗaya ba tare da ka rubuta komai ba.
3. Kwafe rubutun layi bayan layi, yadda yake, har da kurakuransa.
4. Sa alamar [?] bayan duk harafin da kake shakka. Masu rubutu da yawa ba sa sa ƙugiya, sai "ƙasa" ta fito kamar "kasa".
5. Nemi harafin a wata kalma da ta fito sarai, ka kwatanta. Hannun mutum ɗaya ba ya cika canzawa.
6. Rubuta [ba ya karantuwa] a gurbin kalmar da ta gagara.

Hattara: kada ka yi hasashe a kan suna, kwanan wata ko kuɗi. A rubutun sauri 1 da 7 kan yi kama, haka Hassan da Hussaini.

7. Tambayi mai takardar game da wuraren da ka yi wa alama.
8. Fassara, ka sa [غير مقروء] inda aka kasa warwarewa.