Yadda za ka bambance canjin kaso da canjin maki a rahoto

A ce rahoto ya rubuta cewa a 2020 harajin kayan masarufi a Nijeriya ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa 7.5.

Da farko duba: alƙaluman biyu duk kaso ne? In haka ne, ɗebe tsohon daga sabon: 7.5 − 5 = 2.5. Wannan maki ne, ƙarin maki 2.5.

Sannan raba wannan 2.5 da tsohon adadi, wato 5, ka ninka da 100. Za ka samu 50. Harajin ya ƙaru da kashi 50 ke nan, rabi guda. Wanda yake biyan naira 50 a kan kayan dubu ɗaya, yanzu 75 zai biya.

To, koma kan taƙaitaccen bayanin rahoton. In an rubuta "ya ƙaru da kashi 2.5", gyara shi, domin an ƙanƙantar da nauyin da ya hau kan mai saye.